Kotun gwaji

Kotun gwaji zama ne da ɗaliban lauya ke yi a siffar kotun ɗaukaka ƙara, inda ɓangarori biyu ke muhawara kan wata shari'ar da aka ƙirƙiro, a gaban malami ko lauya ko alƙali da ke zaune a kujerar mai shari'a. Ba a kiran shaidu, ba a kuma jayayya kan abin da ya faru, domin takardar shari'ar ta riga ta faɗi komai, kuma kowa zai ɗauke shi yadda yake. Abin da ake gwadawa shi ne yadda ɗalibi zai tsara hujjarsa ta doka, ya faɗe ta da baki cikin ƙayyadadden lokaci, ya kuma amsa tambayoyin alƙali ba tare da zaren maganarsa ya tsinke ba. Ta nan ta bambanta da kwaikwayon shari'ar farko, wadda a cikinta ake rantsar da shaidu a yi musu tambayoyi.

Tarihi

Al'adar ta samo asali ne daga Ingila. Kalmar da Turawa ke kiran ta da ita, wato "moot", tsohuwa ce, tana nufin taron jama'a da ake yi don yanke magana. Tun wajejen ƙarni na 14 zuwa na 15, gidajen horar da lauyoyi na Landan, wato Lincoln's Inn, Gray's Inn, Inner Temple da Middle Temple, sun mayar da irin wannan muhawara ginshiƙin karatunsu. Bayan cin abincin dare a babban zaure, sai a jefa wata matsalar doka, ƙananan almajirai su yi jayayya a kanta, manya na saurare suna gyara musu. A zamanin da littafi ke da wuyar samu, ta wannan hanya ake gane wanda ya isa a kira shi lauya. Al'adar ta yi sanyi daga ƙarni na 17, sannan aka farfaɗo da ita a ƙarni na 19, jami'o'in Amurka kuma suka shigar da ita cikin karatunsu.

Gasar Jessup ta dokar ƙasa da ƙasa, wadda aka fara a Harvard wajejen 1960, ita ta mayar da abin gasa tsakanin ƙasashe. A cikinta kowane ɓangare na da minti 45 da zai raba tsakanin masu magana biyu. A Afirka, Cibiyar Haƙƙin Ɗan'adam ta Jami'ar Pretoria ta fara tata gasar a 1992, da farko don kudancin nahiyar, daga baya ta haɗa duk Afirka.

A Najeriya, kotun gwaji ta shigo tare da tsarin horar da lauyoyi na Ingila. Dokar 1962 ta kafa Makarantar Lauyoyi ta Najeriya, wadda ta buɗe a Legas a 1963. Wani sauyi da ya shafi yadda ake magana a kotu ya zo ne wajejen 1977, lokacin da Kotun Ƙoli ta wajabta rubuta hujjoji a takarda kafin ranar zama, Kotun Ɗaukaka Ƙara kuma ta bi sahu bayan 'yan shekaru. Daga nan aikin lauya a gaban alƙalai ya taƙaita: zai ce ya dogara da abin da ya rubuta, ya haskaka muhimman wurare, ya amsa tambaya. Wannan gajeriyar tsayuwa ita ce kotun gwaji ke koyarwa.

A Kano

Ɗaliban Tsangayar Shari'a ta Jami'ar Bayero, waɗanda ke haɗa karatun dokar gama-gari da shari'ar Musulunci, suna yin kotun gwaji a tsakaninsu, suna kuma fita gasa. Haka ma a reshen Makarantar Lauyoyi da ke Bagauda. Da Ingilishi ake gudanar da ita, kamar yadda ake yi a Babbar Kotun jiha, ko da yake da Hausa ake magana a kotunan shari'ar Musulunci na birni. Wasu ɗalibai da Hausa suke fara warware hujjar a tsakaninsu kafin su juya ta zuwa Ingilishi.

Tsarin jawabi

Jawabin yana farawa da neman izinin kotu, sai mai magana ya faɗi sunansa da ɓangaren da yake tsaya wa. Daga nan sai ya bayyana batutuwan da yake son kotu ta warware, ya faɗi nawa ne, ya faɗi amsar da yake son a ba kowanne. Wannan shi ne wurin da sababbi suka fi tsallakewa, alhali shi ke nuna wa alƙali inda aka dosa.

Kowane batu yana da tafiyarsa. A fara da matsaya a jimla ɗaya, a kawo sashen doka da hukuncin da ya fassara shi, a ɗora su kan abin da ya faru a wannan shari'ar, sannan a koma kan matsayar. A ƙarshe sai roƙo: abin da ake son kotu ta yi, a faɗe shi dalla-dalla. Mai ɗaukaka ƙara ne ke fara magana, kuma yana iya ware minti ɗaya ko biyu don martani, wanda ba a kawo sabuwar hujja a cikinsa.

Misali daga atisaye

Misalin da ke tafe na wata ɗaliba ce 'yar aji huɗu, kuma shari'ar ƙirƙirarriya ce irin wadda ake ba ɗalibai. Wani ɗan kasuwar Kantin Kwari ya jinginar wa banki gidansa na Fagge, wanda yake riƙe da shi tun kafin 1978, ya karɓi rance. An sa hannu a takardar jingina a watan Janairu, da sharaɗin sai Gwamna ya amince, amincewar kuma ta fito a watan Yuni. Da ya kasa biya, banki ya tashi sayar da gidan, sai ya garzaya kotu ya ce jinginar ɓatacciya ce. Babbar Kotu ta ba shi gaskiya. Ɗalibar ce ke tsaya wa banki a ɗaukaka ƙara, kuma minti 15 aka ba ta.

Kwana uku kafin zaman, ta yi atisaye a wani aji da babu kowa bayan la'asar. Yayanta, wanda ya riga ya gama Bagauda, ya zauna a kujerar malami da wayarsa a kan tebur tana ƙirga lokaci. Ta miƙe da shafi tara a hannu, gefen takardun na kaɗawa, ta shiga karanta labarin rancen tun daga ranar da aka cike fom. Minti huɗu suka wuce ba ta ambaci doka ba. Sai ya ɗaga hannu.

"Lauya, me kike so kotun nan ta yi miki?"

Ta duba shafi na ɗaya, ta duba na tara, ta ce, "Yaya, ai zan zo wurin."

"Nan babu Yaya, Mai Shari'a ne. Ajiye takardun. Da Hausa, kamar Umma kike wa bayani, me ya sa banki ke da gaskiya?"

Ta yi shiru, sannan ta ce: doka ta hana gida ya fita hannun mai shi sai da yardar Gwamna, amma ba ta hana a rubuta yarjejeniya ana jiran yardar ba, kuma yardar ta zo. Ya ce ta rubuta wannan a saman wani kati, domin ita ce shari'ar gaba ɗaya.

A zagaye na biyu ta tsara jawabin a kansa. Batu na farko: shin sa hannu kafin amincewar Gwamna yana rushe jingina? Ta ce a'a. Ta kawo sashe na 22 na Dokar Amfani da Filaye ta 1978, wanda ya hana mai haƙƙin zama a fili ya sayar ko ya jinginar ba tare da amincewar Gwamna ba, da sashe na 26 da ya ce cinikin da ya saɓa wa dokar banza ne. Sannan ta kawo hukuncin Kotun Ƙoli na 1995 a shari'ar Awojugbagbe Light Industries da Chinukwe, inda aka ce yarjejeniyar da aka ƙulla ana jiran amincewa ba ɓatacciya ba ce, a rataye take har amincewar ta zo. Ta nuna cewa sashe na 22 ɗin kansa ya ba Gwamna damar neman a kawo masa takardar da aka riga aka sa wa hannu, wanda ke nufin dokar ta san za a rubuta kafin a amince. Batu na biyu gajere ne: nauyin neman amincewa a kan mai gidan yake, don haka bai kamata ya ci ribar jinkirin ba.

Tana tsakiyar batu na farko ya jefo tambayar da take tsoro: "Ina kika kai Savannah Bank da Ajilo?" Wannan hukunci na 1989 shi ne ya ce har wanda ya mallaki fili tun kafin dokar, wanda sashe na 34 ya ɗauka tamkar Gwamna ne ya ba shi, yana buƙatar amincewa, kuma a can aka soke jinginar. A shafukanta tara ta ɓoye shi a na takwas, da fatan lokaci zai ƙare kafin a kai. Yanzu sai ta haɗiye yawu ta ce ta yarda hukuncin ya ɗaure kotun, ta yarda gidan Fagge na buƙatar amincewa, amma a Ajilo ba a taɓa samun amincewar ba sam, a nan kuwa an samu a Yuni. Ta ce, "Da izinin Mai Shari'a zan koma kan sashe na 22," ta ci gaba daga inda ta tsaya. Muryarta ba ta daina rawa ba, amma ba ta sake duba takarda ba sai lokacin karanto kalmomin sashen.

Tambayoyi sun cinye mata kusan minti biyar. Da haka ta gane jawabin da aka shirya don cika minti 15 cif ba zai kai ƙarshe ba. Ta rage shi zuwa kusan minti tara: ɗaya na buɗewa, biyar na batu na farko, biyu na na biyu, ɗaya na roƙo, ta ware biyu na martani, sauran ta bar wa alƙali. Roƙon ta haddace shi: a karɓi ɗaukaka ƙarar, a jingine hukuncin Babbar Kotu, a tabbatar jinginar na nan daram.

Kurakurai da alamominsu

Idan alƙali ya ajiye biro ya daina rubutu, yawanci ya rasa inda mai magana yake. Idan ya maimaita tambaya, ba a amsa ta ba ne. Cewa "zan zo wurin" na daga cikin abin da ya fi zubar da maki, domin tambayar alƙali ita ce abin da ke hana shi yarda, kuma har sai an amsa ta ba zai saurari saura ba. Ɓoye hukuncin da ya saɓa wa ɓangarenka kuwa ya wuce kuskuren dabara: ƙa'idar aikin lauya ta wajabta bayyana wa kotu irinsa. Ɗalibin da lokaci ya kure masa yakan nemi izinin kammalawa, ya tafi kai tsaye ga roƙo.

Saɓani

Masu horarwa sun saɓa kan haddace jawabi. Wasu na ganin yana kwantar da hankalin mai fargaba, wasu na cewa tambaya ɗaya ke wargaza shi. Akwai kuma masu ƙorafin cewa alƙalan gasa kan fifita santsin Ingilishi a kan ƙarfin hujja.