Fok da fin a wasan ces

Fok da fin dabaru ne biyu na cin ɗan abokin karawa a wasan ces. Fok shi ne ɗa guda ya kai hari kan 'ya'ya biyu ko fiye a lokaci ɗaya. Fin kuwa ɗauri ne: a tsare wani ɗa a gidansa saboda in ya gusa, wanda ya fi shi daraja da ke bayansa zai fito fili. Tushensu ɗaya ne, wato ɗan wasa taku ɗaya kawai yake da shi kafin a dawo kan abokin karawarsa, don haka ba ya iya gyara ɓaraka biyu tare.

Kafin a auna ribar kowace dabara sai an san darajar 'ya'yan. A lissafin da aka saba, soja maki 1 ne, doki da bishof kowanne 3, hasumiya 5, sarauniya 9. Sarki ba ya shiga lissafi, domin da an kama shi wasa ya ƙare. A rubutun wasa K na nufin sarki, Q sarauniya, R hasumiya, B bishof, N doki, soja kuwa ba shi da harafi. Alamar x ci ce, + barazana ga sarki, # kuma kama sarki. Kowane gida a allo yana da suna na harafi da lamba, kamar e4, kuma a kowane taku ana fara rubuta na Fari, mai fararen 'ya'ya, sannan na Baƙi, mai baƙaƙe.

Fok

Kowane ɗa na iya yin fok, har sarki da soja, amma doki ne gwaninsa. Dalili shi ne tafiyarsa ba ta yi kama da ta kowa ba. Yana iya kai wa sarauniya ko hasumiya hari ba tare da su sun iya mayar masa ba, kuma ba a iya tare harinsa da sa wani ɗa a tsakani, tunda tsallake yake yi. Daga tsakiyar allo yana duban gidaje 8, daga kusurwa kuwa 2 kacal.

Ga misalin da kusan kowane sabon ɗan wasa ke gamuwa da shi:

```
1. e4 e5  2. Nf3 Nc6  3. Bc4 Nf6
4. Ng5 h6  5. Nxf7
```

Baƙi ya tura sojan h6 da niyyar korar doki, bai lura cewa doki da bishof duk sun zuba wa f7 ido ba. Yanzu dokin da ke f7 yana hari kan sarauniya a d8 da hasumiya a h8. Sarki yana dab da shi amma ba zai iya cinsa ba, saboda bishof ɗin c4 na gadinsa. Dole Baƙi ya ceci sarauniya ya bar hasumiya. Amsar da ta dace a taku na 4 ita ce d5, wadda ke toshe hanyar bishof zuwa f7.

Akwai alama mai sauƙi da ke taimakawa wajen hango fok ɗin doki. Doki kullum yana kai hari ne kan gidajen da launinsu ya saɓa da na gidan da yake tsaye. Saboda haka 'ya'ya biyu ba sa shiga fok ɗinsa sai suna kan launi ɗaya. A misalin nan d8 da h8 duka baƙaƙen gidaje ne, f7 kuma fari. Wanda ya ga sarkinsa da sarauniyarsa a launi ɗaya, ga dokin abokin karawa yana kewaye kusa, ya tsaya ya duba kafin ya taɓa komai.

Ba kowane fok ne ke kawo riba ba. In ana iya cinye ɗan da ya yi harin, magana ta mutu. Haka nan in ɗaya daga cikin waɗanda aka kai wa harin zai iya gudu tare da yi wa sarki barazana, ko ya koma gidan da zai kare ɗan'uwansa. Shi ya sa fok ɗin da ya haɗa da sarki ya fi kowanne ƙarfi: doka ta tilasta a fara kula da sarki, ɗayan kuma sai ya tafi.

Fin

Bishof, hasumiya da sarauniya ne kaɗai ke iya yin fin, domin su ne ke tafiya mai nisa a miƙe. Sharaɗinsa 'ya'ya uku a layi ɗaya: mai hari, ɗan da aka ɗaure, sai mai daraja a baya. In wanda ke bayan sarki ne, ɗaurin cikakke ne, dokar wasa ta hana ɗan barin wannan layi.

```
1. e4 d5  2. exd5 Qxd5
3. Nc3 Qc6  4. Bb5
```

Sojan d7 ya riga ya bar gidansa, don haka layin b5, c6, d7, e8 a buɗe yake. Sarauniya ta tsaya a gaban sarkinta, bishof ya ɗaure ta, dokin c3 kuma na gadin bishof. In ta ci bishof, doki zai cinye ta ya sauka a b5, daga nan kuma yana shirin cin c7 da fok kan sarki a e8 da hasumiya a a8. Sau da yawa haka dabarun biyu ke zuwa, ɗaya na buɗe wa ɗaya ƙofa.

Idan ɗan da aka ɗaure yana da mai gadi, ba a gaggawar cinsa. Ana ƙara masa matsi ne, musamman da soja, tunda ba shi da wurin gudu. Mai tsaro kuwa yana kwance ɗaurin ta hanyar sa wani ɗa a tsakani, ko korar mai harin da soja, ko kawar da wanda ke baya daga layin.

Inda ɗauri ke yaudara

In wanda ke baya sarauniya ce ko hasumiya, doka ba ta hana ɗan motsi ba, lissafi ne kawai ya hana shi, lissafi kuwa yana iya juyawa. Wannan ne wurin da ya fi cancantar sabon ɗan wasa ya natsu a kai. Shahararren misalinsa shi ne tarkon Légal, mai ɗauke da sunan Légal de Kermeur, gwanin ces na birnin Paris a ƙarni na 18, wanda ya koyar da shahararren ɗan wasan ces Philidor.

```
1. e4 e5  2. Nf3 d6  3. Bc4 Bg4
4. Nc3 g6  5. Nxe5 Bxd1
6. Bxf7+ Ke7  7. Nd5#
```

Baƙi ya ɗauka cewa dokin f3 ba zai motsa ba tunda sarauniya na bayansa. Doki ya motsa, Baƙi ya ci sarauniya, bayan taku biyu aka kama sarkinsa. A e7 sarki ba shi da mafita: dokin e5 ya rufe d7 kuma yana gadin bishof, bishof ya rufe e6 da e8, dokin d5 ya rufe f6, sauran gidajen kuma 'ya'yansa ne a ciki. Da Baƙi ya ƙyale sarauniya ya ci dokin da dxe5, Fari zai ci bishof da Qxg4, asarar ta tsaya a soja guda. Abin da ya sa dabarar ta yi aiki shi ne bishof ɗin g4 ba shi da mai gadi, ga kuma taku na 4 da Baƙi ya ɓatar a kan g6 maimakon fito da doki.

Ko a cikakken ɗauri akwai ƙa'idar da sababbi ke yawan jayayya a kanta. Ɗan da aka ɗaure a gaban sarkinsa ba ya iya fita daga layin, amma a dokokin FIDE, hukumar ces ta duniya, har yanzu yana riƙe da gidajen da yake duba. Sarkin abokin karawa ba shi da izinin taka ɗaya daga cikinsu, kuma ba zai ci ɗan da wannan ɗaurarren ke gadi ba.