Tan 12,500 ko tan sha biyu da rabi? Gyaran fassarar na'ura a takardar cinikin wake

Tambaya: Malam, kawuna ɗan kasuwa ne a nan Katsina, zai sayi wake a hannun wani mutumin Maraɗi. Sun turo taƙaitaccen bayanin yarjejeniyar da Faransanci, na sa a na'ura ta juya mini zuwa Hausa. Hausar ta fita sumul. Ta ina zan fara dubawa kafin in miƙa masa?

Amsa: Ƙanena, ajiye Hausar tukuna, ka ɗauko kalkuleta. Na'ura ta ƙware wajen gyara jimla ta yi daɗin karatu, wannan santsin ne ma yake sa mutum ya sake jiki ya wuce kuskuren da zai ci dukiya. Ni idan aka kawo mini irin wannan aiki, takarda nake samu in ja layi a tsakiya. A hagu in kwashe duk wata lamba da ke cikin Faransancin, ɗaya bayan ɗaya: yawan kaya, farashi, jimilla, kashi cikin ɗari, kwanaki. A dama in rubuta abin da na'ura ta ba ni. Sai na gama wannan nake karanta ko da jimla ɗaya.

Ga layukan da ka turo mini kamar yadda suke a takardar:

```
Quantité : 12,500 t
Prix unitaire : 400 000 F CFA / t
Montant total : 5 000 000 F CFA
```

Na'ura ta rubuta maka "tan 12,500", kai kuma da ka yi boko a Najeriya ka karanta tan dubu goma sha biyu da ɗari biyar. A rubutun Faransanci waƙafi shi ke yin aikin da ɗigo ke yi a wurinmu, dubbai kuwa da ɗan fili ake raba su, wani lokaci da ɗigo. Abin da mutumin Maraɗi ya rubuta tan sha biyu da rabi ne. Sifili biyun da suka biyo bayan biyar ɗin al'adar masu sikeli ce, suna rubuta nauyi har zuwa kilo. Na'ura ba ta canza ko lamba ɗaya ba, ta kwafe ta ne yadda take, amma ma'anar ta ninka sau dubu.

Tambaya: To yaya zan tabbatar, tunda ban iya Faransanci sosai ba?

Amsa: Takardar da kanta za ta ba ka shaida. Ninka 12.5 da 400,000, za ka samu 5,000,000, daidai da jimillar da ke layi na uku. Yanzu gwada ɗaya karatun: 12,500 sau 400,000 zai ba ka sefa biliyan biyar, wanda babu shi ko'ina a takardar. Duk lambobin yarjejeniya a ɗaure suke da juna, idan ka karanta ɗaya ba daidai ba sauran za su ƙi zama.

Bayan lissafi sai ka auna da idon kasuwa. Idan buhu kilo 100 ne, tan sha biyu da rabi buhu 125 ke nan, mota ɗaya ta ɗauke su daga Maraɗi ta biyo ta Ɗan Isa da Jibiya ta sauke a Katsina. Tan 12,500 kuwa buhu 125,000 ne, ko tirela mai ɗaukar tan 30 sai an yi sahu fiye da 400. Kai ka san jarin kawunka, ka san girman shagonsa.

Akwai wata lamba a ƙasan takardar da na fi jin tsoro, domin ita ba ta da jimillar da za ta tona mata asiri. Tarar jinkiri ce, an rubuta `0,5 %` a kowace rana. A fassarar da ka turo ta koma "kashi 5 cikin ɗari", sifilin da waƙafin sun faɗi a hanya. Rabin kashi ɗaya na miliyan biyar sefa 25,000 ne a rana, kashi biyar kuwa 250,000. Idan kaya suka makara kwana goma, kawunka zai zaci yana bin miliyan biyu da rabi, alhali haƙƙinsa 250,000 ne kacal. Da wannan kaɗai za a iya ɓata cinikin shekaru tsakanin mutane biyu masu gaskiya. Irin wannan lamba sai ka ɗora yatsa a kanta a takardar asali, ka ɗora wani a fassara, ka karanta alama bayan alama.

Tambaya: Kawu ya fi gane lissafi da jaka. In mayar masa da kuɗin haka?

Amsa: Kada ka kuskura, a rubuce dai. Jaka a bakin Bakatsine naira 200 ce, a bakin Bamaraɗe kuwa sefa 1,000. Haka dala: a nan kuɗin Amurka muke nufi, a can sefa biyar ce, shi ya sa za ka ji suna kiran sefa 500 dala ɗari. Hausa ɗaya muke yi da su, ƙabilarmu ɗaya, har sarkinsu Sarkin Katsinan Maraɗi ake ce masa, amma a kan waɗannan kalmomi biyu mun rabu. Takardar nan kuma tana iya komawa hannun mai kayan. Rubuta "sefa 5,000,000", ka biyo da harafi, "sefa miliyan biyar". Duk inda ka ga na'ura ta sa dala ko naira a gurbin `F CFA`, goge ka mayar da sefa, kuma kada ka yi canji da kanka a cikin fassara, tunda farashin canji na yau ba shi ne na ranar biya ba.

Wajen rubuta lamba da harafi ma Hausarmu tana da nata rami. "Dubu ɗari da hamsin" a kasuwa 150,000 ne, amma mai neman rigima zai iya cewa 100,050 aka rubuta. Sai ka ce "dubu ɗari da dubu hamsin", ka rufe ƙofar.

Tambaya: Akwai layin da ya ce "gargaɗi", sai ga sunan ƙanen kawu a gabansa. Ban gane ba.

Amsa: Madalla da ka tsaya a nan, wannan layin ya fi kowanne nauyi a takardar. Kalmar asalin ita ce `caution`. Haka ake rubuta ta a Turanci harafi da harafi, inda take nufin taka-tsantsan ko gargaɗi. A Faransancin shari'a kuwa mutumin da ya tsaya wa wani ne, wanda za a kama idan mai bashi ya kasa biya. Hausawa sun ce kama da wane ba wane ba ne. Na'urori da yawa ba su sha karatun Faransanci da Hausa gefe da gefe ba, sai ka tarar fassararsu ta bi ta kan Turanci, a nan ne kalma mai kama da wata take samun hanyar shigewa.

Ma'anar layin ita ce ƙanen kawunka shi ne mai tsayawa a kan ragowar kuɗin. Kawu zai ba da kashi 30, wato sefa 1,500,000, saura 3,500,000, kuma wannan ragowar ce ke wuyan bawan Allah. Idan ka ga `solidaire` a gefen kalmar, mai kaya yana iya neman kuɗinsa duka a wurinsa ba tare da sai an fara sayar da kadarar kawu ba. Fassara ta "mai tsayawa" ko "mai lamuni", sa'annan ka je da kanka ka tambaye shi ko ya san an sa sunansa. Na taɓa barin irin wannan kalma ta wuce a wani aiki farkon fara sana'ata, don jimlar ta yi ma'ana a Hausa, sai da mai aikin ya dawo mini da takardar na ga abin da na yi. Har yau idan na tuna sai gabana ya faɗi.

Kalmar `caution` tana da 'yan'uwa a takardar taka. `Délai` wa'adi ne, na'ura ta ce "jinkiri", sai layin ya zama kamar an yarda kaya su makara. `Éventuellement` na nufin "idan ta kama", na'ura ta ce "daga ƙarshe", sai feshin maganin ƙwari da aka bari a matsayin zaɓi ya koma alkawari. `Location` haya ce, ba wuri ba. Alamar gane su ɗaya ce: jimlar Hausa lafiya lau, amma ba ta yin aikin komai a ciniki. Mene ne amfanin gargaɗi mai suna da lambar waya a cikin yarjejeniya?

Tambaya: Kuɗin farkon nan, na'ura ta ce "ajiya". In ce kafin alƙalami?

Amsa: Kana iya cewa haka, amma ka ƙara bayani, domin Faransanci ya raba abin gida biyu. Idan `acompte` ne, wani ɓangare ne na kuɗin kaya, ciniki ya faɗa, babu mai janyewa salin-alin. Idan `arrhes` ne, an bar ƙofar fasawa: mai saye ya fasa ya yi asarar abin da ya bayar, mai sayarwa ya fasa ya mayar ninki biyu. Taka ta ce `acompte`, don haka rubuta "biyan farko daga cikin kuɗin kaya, ba na fasawa ba", ka bar kalmar Faransancin a gefe don lauya ya gani.

Tambaya: Wa'adin kwana 15 na kawo kayan fa? Wannan ai babu ruɗani.

Amsa: Duba kalmar da ke bin `jours`, na'ura ta haɗiye ta. Taka ta ce `ouvrables`, wato Litinin zuwa Asabar, ban da Lahadi da ranakun hutun gwamnati. Da `ouvrés` ce, ranakun da ake aiki ke nan, galibi Litinin zuwa Juma'a. Mu ce ranar farko ta ƙirga Litinin ce, kuma babu hutu a tsakani. Ƙirgar kalanda za ta ƙare Litinin ta mako na uku, `ouvrables` ta kai Laraba, `ouvrés` ta kai Juma'a. Idan kawu ya ƙirga da kalanda zai fara lissafin tara kwana biyu kafin lokaci, sefa 50,000 da ba tasa ba. Hutun da za a cire kuma na wace ƙasa ne? Ranakun Nijar daban da namu, misali 3 ga Agusta da 18 ga Disamba. Wannan ba kai za ka yanke ba, rubuta shi a gefe a matsayin tambaya ga mai kayan.

Tambaya: Idan na gyara duk wannan, kawu zai iya sa hannu?

Amsa: A kan abin da ke hannunka, a'a. Taƙaitawa ce, wani ya zaɓi abin da zai saka ya bar saura. Nemi cikakkiyar yarjejeniyar ka gwada lambobin nan da nata. Duba ko jimillar tana da `HT` a gefenta, wato ban da haraji, ko `TTC`, har da haraji. Duba kuma layin da ya faɗi harshen da za a bi idan aka samu saɓani, da kotun da za a je. Nijar tana bin dokokin kasuwanci na OHADA, ƙungiyar wasu ƙasashen Afirka masu dokar kasuwanci ta bai ɗaya, Najeriya ba ta ciki, saboda haka layin mai tsayawa da na biyan farko sai lauyan da ya san wannan tsari ya duba su. A saman fassararka ka rubuta cewa don fahimta ce kawai, ka sa kwanan wata, ka maƙala mata takardar nan mai layi a tsakiya da ka kwashe lambobi a kai.