Saka ɗan'uwa a hoton da bai samu shiga ba: amsoshin da na gaji da maimaitawa

"Malam, yayanmu bai zo ɗaurin aure ba, za a iya saka shi a hoton dangi?"

Za a iya. Ko zai yi kyau ko ba zai yi ba, wannan ya danganta da hoton nasa da kika kawo, ba da ƙwarewata ba.

"Na turo maka ta WhatsApp, ka gani?"

Na gani, kuma ba zan yi aiki da shi ba. WhatsApp yana matse hoto idan aka tura shi haka kawai, fuska ta zama kamar an shafa mata man kaɗanya. A turo shi a matsayin Document, daga wayar da aka ɗauke shi, ba wanda ya zaga gidan Anti da na Kawu sannan aka yi masa sikirinshot ba. Kullum sai na faɗi wannan, don Allah a riƙa ji.

"Wace manhaja?"

Photoshop nake amfani da shi. Wanda ba shi da shi ya buɗe Photopea a birawuza, kyauta ne kuma kusan komai iri ɗaya ne, ko GIMP. A waya ma akwai masu yi da PicsArt, amma allon ya yi ƙanƙanta, ba za ka ga kuskurenka ba sai an wanko hoton.

"Ya zan san girmansa ya yi daidai? Nawa kullum sai ya fito kamar basamude."

Saboda da ido kake aunawa ɗan'uwa, kuma kafaɗa kake kallo, alhali babbar riga da mayafi ba sa nuna ainihin jikin mutum. Fuska ake aunawa. Ni ba na ma auna kai gaba ɗaya tunda hula da ɗankwali sun rufe sama, daga ƙasan haɓa nake jawowa zuwa tsakanin idanu biyu.

Ga yadda na yi wani kwanan nan, hoton mutum goma sha huɗu a tsakar gida, layi biyu. Wanda zai tsaya kusa da shi a layin baya, na auna haɓarsa zuwa ido na samu fiksel 90. Na auna na wanda za a saka a hotonsa na asali, fiksel 300. Ka raba 90 da 300, kashi 30 cikin ɗari kenan, sai na danna Ctrl+T na rubuta 30% a W da H duka biyun, shikenan, babu ja da hannu. Sai tsayi. A babban mutum haɓa zuwa ido bai wuce wajen santimita 11 zuwa 12 ba, wato fiksel 90 ɗin nan kusan santimita 11 ne a wannan layin. Na tambayi ƙanwarsa waye ya fi tsayi a cikinsu, ta ce shi ne ya ɗara da kamar yatsu uku, wajen santimita biyar, sai na ɗaga idonsa sama da na maƙwabcin da fiksel 40.

Kuma da na kusa da shi za ka gwada, ba da na tsakiyar hoto ba. Kamarar waya tana ɗan buɗa waɗanda suke gefe, su yi faɗi, sannan duk wanda ya fi nisa da kamara ya fi ƙanƙanta. Idan mai hoto yana nesa da mita biyar ka ajiye mutum rabin mita a bayan layin, sai ka rage shi kusan kashi tara ko goma cikin ɗari.

"A ina zan tsayar da shi?"

Layin baya, tsakanin kafaɗun mutum biyu, na gaba su rufe shi daga ƙirji zuwa ƙasa. Ƙafa ce ke tona asiri, in ka ɓoye ta ka huta da rabin aikin. Da layer mask za ka ɓoye ƙasan, kar ka goge da Eraser, don za ka so ka matsar da shi daga baya.

"Hasken nasa daga dama yake, namu daga hagu. In juya shi kawai?"

Flip Horizontal zai gyara hasken, amma ka duba me ka ɓata. Aikin babbar riga da aljihunta a ƙirjin hagu suke, ka juya sun koma dama, duk wanda ya saba sa riga zai ga wani abu ba daidai ba ko bai iya faɗin menene ba. Agogo ya sauya hannu, karin hula ya juya, tabo ko tsagar da ke kunci ɗaya ta koma ɗayan, kuma uwar da ta haife shi da kallo ɗaya za ta ce wannan ba fuskar ɗana ba ce. Ka koma ka nemi wani hoton tukuna. Juyawa sai an rasa yadda za a yi.

"Babanmu ya rasu shekara shida kenan, hoton fasfo kawai muke da shi na takarda. Muna so a sa shi a hoton Sallar bana, a tsakar gida aka ɗauka da yamma. Zai yiwu ya fito kamar yana wurin?"

Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa. Wannan ita ce tambayar da ba na iya amsawa da e ko a'a, sai na ga hotunan biyu a gabana, kuma ko na gani ba na yin alkawari, ki yi haƙuri da tsawon bayanin.

Matsalar farko filasha ce. Hoton fasfo ana haska fuska ne daga gaba, babu inuwa a kunci, sai ƙyalli a goshi da karan hanci. Hoton tsakar gida bayan la'asar kuwa rana ta karkata, gefe ɗaya na kowace fuska yana da haske ɗaya yana da duhu. Ki duba hoton naku da kyau, ki kalli inda inuwar hanci ta faɗa da ƙarƙashin haɓa. Idan a inuwar bango ko ta bishiya kuka tsaya, hasken mai laushi ne, akwai fata sosai. Idan kuma rana ce ta buge ku kai tsaye har mutane suna ƙanƙance ido, inuwa mai kaifi kamar an yanka da reza, to gaskiya da wuya, ana iya zana inuwa a fuska amma yawanci sai ta fito kamar datti.

A ce inuwa ce. Da farko a kai hoton fasfon a yi masa sikanin a 600 dpi, ƙaramin hoto ne, a haka zai ba da wajen fiksel 800 a faɗi, ya isa fuska ɗaya a cikin taro. In babu sikana a ɗauke shi kusa da taga da rana, a kashe filasha, a riƙe waya daidai saman takardar kar a karkata.

Sai jiki, tunda fasfo a kafaɗa ya tsaya. Kar a ciro min jikin wani daga intanet. A nemo ƙanin Baba ko ɗansa mai irin jikinsa, ya sa rigar Baba in tana nan, ya tsaya a wurin da kuka tsaya, a irin lokacin nan na yamma, a ɗauka da wayar da aka yi na farko, mai ɗauka ya tsaya inda ya tsaya a da kuma ya riƙe wayar a tsayi ɗaya. Ya kalli kamara kai tsaye kamar mai fasfo don wuya ya dace da kai. Da wannan an samu haske da launin riga na gaskiya, saura fuska kawai nake fama da ita.

A fuskar, leya biyu na Curves nake ɗorawa, in maƙala su a kan fuskar kaɗai da Ctrl+Alt+G, ɗaya mai duhuntawa ɗaya mai haskawa, in rufe su da baƙin mask sannan in riƙa buɗewa da buroshi mai laushi, Flow ɗinsa kashi uku zuwa biyar kawai. Ina kwaikwayon fuskar na kusa da shi ne, inda kuncinsa ya yi duhu nan zan duhunta na Baba, in rage ƙyallin goshi, in sa inuwar hula a saman goshi da ta haɓa a wuya. Ina ɗora leyar Black & White a saman komai na ɗan lokaci, domin in babu launi nan take za ki ga wanda ya fi kowa haske ko baƙinsa ya fi na kowa ƙarfi. Sai na gama da wannan nake taɓa launi, kuma tsohon hoton takarda yakan koma ja-ja ko ruwan ɗorawa, dole a janye.

Duk da haka wani lokacin ba ya zama. Shekarun fuskar ma abin dubawa ne, in fasfon na lokacin yana ɗan arba'in ne, za ki gan shi tsaye kusa da ƙannensa masu furfura. In na ga haka nakan ba da shawara a sa hoton nasa cikin firam a jikin bangon da ke bayanku, ko a zagaye a saman kusurwa, yana cikin hoton kuma ba a yi wa fuskarsa ƙarya ba. Sannan ki fara tambayar Hajiya kafin a buga. Na taɓa gama irin wannan aka kai wa uwar gida ba shiri, ta ce a ɗauke daga gabanta, ba don bai yi kyau ba.

"Komai ya yi daidai amma har yanzu kamar an manna shi."

Hotonsa ya fi na sauran tsabta ne. Ka zuƙo zuwa 100% ka gwada idonsa da na maƙwabcinsa, ka sa masa Gaussian Blur kaɗan, rabin fiksel zuwa ɗaya, sannan Add Noise kashi ɗaya ko biyu har ƙwayoyin su yi kama. Ka duba gefen hula da kunne ma, yawanci akwai siririn farin layi da ya biyo shi daga tsohon bango.

"Inuwa fa, dole ne?"

Dole. Mutum ba ya tsayawa kusa da wani bai jefa masa inuwa ba. Sabuwar leya a Multiply, ka ɗebi launin daga wata inuwa da ke cikin hoton, ba baƙi wuluk ba, ka shafa kaɗan inda kafaɗar na kusa ta tare masa haske. In ƙafarsa tana waje sai ka sa duhu siriri daidai ƙarƙashin takalmi, in ba haka ba zai zama kamar yana shawagi. A ƙarƙashin kanofi mai launi kuma ka lura farar shaddar kowa ta ɗauki launin rumfar, tasa ma sai ta ɗauka.

"Zan iya bugawa babba in rataye a falo?"

Ki lissafa fiksel 300 a kowane inci. Inci 8 da 10 yana son fiksel 2400 da 3000. Na bango da ake kallo daga nesa rabin haka ma yana wucewa. Ki fara wanko ƙarami ki nuna wa wanda bai san an yi aikin ba, ki ce ya nuna miki wanda aka saka.

"Yau zan samu?"

A'a. Ko na gama yau sai na kwana na sake kallo da safe, idon da ya yi awa uku a kan fuska ɗaya ba ya ganin komai. Ki dawo gobe bayan azahar, kuma ki taho da amsar waye ya fi tsayi tsakaninsa da Kawu.