Kayen kurakurai

Kayen kurakurai littafi ne da ɗalibi ke warewa domin rubuta amsoshin da ya faɗi a jarrabawa ko aikin gida, tare da dalilin faɗuwar kowace ɗaya. Ana kasa dalilan gida uku: suɓutar hannu, rashin sani, da fahimtar tambaya a baibai. Ya sha bamban da gyaran da malami ke yi a allo ɗalibai su kwafa, domin gyaran allo amsar daidai kawai yake nunawa, kayen kuwa yana bin sawun abin da ya kai ɗalibi ga amsar da ba daidai ba. An fi amfani da shi a lissafi da kimiyya, inda ake iya bin aiki layi-layi, musamman ga masu shirin jarrabawar BEPC a ƙarshen kwaleji da masu shirin bak a ƙarshen lise.

Rarraba kuskure bisa tushensa ya daɗe a fagen koyar da lissafi. A shekarar 1977 wata malama a Ostireliya, Anne Newman, ta nuna cewa yaro na iya tuntuɓe a ɗaya daga cikin matakai biyar: karanta tambaya, gane abin da take nema, mayar da ita lissafi, yin lissafin, da rubuta amsa. Rabon gida uku ya fi wannan sauƙi, har ɗalibi zai iya yinsa shi kaɗai.

Yadda ake tsara shi

Kayen da ake saya a kasuwa ya isa. Kowane kuskure yana samun rabin shafi: kwanan wata, tambayar kamar yadda ta zo ba tare da an taƙaita ta ba, amsar da ɗalibi ya bayar, amsar daidai, makin da ya rasa, sai rukunin kuskuren. A ƙasa a bar layi biyu don rubuta abin da za a yi a kai. Kwafe tambayar kalma da kalma ba ɓata tawada ba ne, domin wanda ya taƙaita ta yakan taƙaita ta ne yadda ya fahimce ta, ke nan ya goge shaidar kuskurensa da hannunsa.

Tantance rukuni

Nan ne aikin yake, kuma nan ne aka fi ɓata shi. Yawancin ɗalibai, da zarar sun ga jan bikin malami, sai su ce "ai na sani, sauri ne na yi." Kiran kuskure suɓutar hannu ya fi daɗin ji, tun da bai taɓa mutuncin mai shi ba. Saboda haka ba a barin ɗalibi ya zaɓi rukuni da ka. Gwaji ake yi.

Bayan kwana ɗaya ko biyu, ɗalibi ya rufe gyaran malami, ya sake yin tambayar a farar takarda. In ya same ta daidai, kuma yana iya ɗora yatsa a layin da ya kauce, suɓutar hannu ce. In ya sake faɗuwa, sai wani ya faɗa masa da Hausa abin da tambayar ke nema, ba tare da nuna masa hanya ba. In wannan kaɗai ya ishe shi ya warware ta, fahimta ce ta zo a baibai. In har yanzu ya cije, rashin sani ne.

Misali

A ɗauki wata ɗaliba a ajin ƙarshe na kwaleji a Maraɗi, wadda ta samu 8 bisa 20 a lissafi. Maki 12 da ta rasa sun tafi ne a wurare huɗu.

An ba ta 3x − 5 = 16. Ta rubuta 3x = 21, daidai, sannan ta ce x = 6. Da ta sake yi ta samu 7, har ta yi dariyar kanta. Suɓutar hannu, maki 2.

An ce ta buɗe (x + 3)², ta rubuta x² + 9. Ta sake yi, haka ta sake rubutawa. Amsar ita ce x² + 6x + 9, kuma da ta sa x = 1 da ta ga 16 a gefe guda, 10 a ɗayan. Rashin sani, maki 4.

Tambaya ta uku a kan buhun gero ce: ana sayar da shi jika 20, kuɗinsa ya ƙaru da kashi 15 cikin 100, nawa ne sabon kuɗinsa? Ta lissafa 3000 ta ja layi a ƙasa. Lissafinta ba shi da aibi, sai dai ƙarin ta bayar, ita kuwa tambayar 23 000 take nema. Da ƴar ajinsu ta ce mata "nawa za ki biya yanzu?", nan take ta faɗi amsar. Fahimta a baibai, maki 3.

Na huɗu shi ne mai rikici. Ta rubuta −(x − 4) = −x − 4, maimakon −x + 4. Alama ɗaya ce, kowa zai ce hannu ne ya suɓuce, kuma a sake yi ta same shi daidai don ta tuna jan bikin malami a wurin. Amma da ta juya shafukan kayenta sai ta tarar ta yi irinsa sau biyu a watan da ya wuce. Suɓutar hannu ba ta zaɓen wuri. Kuskuren da ke dawowa wuri ɗaya da kama ɗaya, ƙa'ida ce ba ta zauna ba. An mayar da shi rukunin rashin sani, maki 3.

Kafin gwajin, ta ɗora maki 8 a kan sauri. Bayan gwajin, suɓutar hannu ta koma maki 2, fahimta a baibai 3, rashin sani 7. Da ta bi lissafinta na farko, da "zan natsu" kawai za ta ce ta rufe kaye, alhali abin da take bukata shi ne ta koma darasin buɗe baka.

Maganin kowane rukuni

Suɓutar hannu ba ta bukatar sake karanta darasi. Tana bukatar ɗabi'ar dubawa, kamar mayar da amsa cikin tambaya: 3 × 6 − 5 ya ba da 13, ba 16 ba. Rashin sani sai an koma darasi, a yi sababbin tambayoyi irinsa, a sake gwadawa bayan mako guda. Ga fahimta a baibai, ɗalibi ya ja layi ƙarƙashin abin da ake nema kafin ya fara, in ya gama ya sake karanta jimlar ƙarshe ta tambayar ya ga ko amsarsa ta dace da ita.

Inda rabon ke gazawa

A Maraɗi akasarin yara da Hausa suke tashi, takardar jarrabawa kuwa da Faransanci take zuwa, saboda haka rukuni na uku yakan haɗa abu biyu. Akwai wanda ya san kalmomin amma idonsa ya tsallake ɗaya, akwai kuma wanda ke rikita kalmar da ke nufin kewayen fili da wadda ke nufin girman cikinsa. Na biyun ko ya karanta sau goma bai tsira ba, don rashin sani ne na harshe. Irin waɗannan kalmomi ana tara su a shafukan ƙarshe na kayen, kowace da ma'anarta da Hausa da ɗan zane.

Akwai kuma tambayar da aka bari fayau don lokaci ya ƙare. Ba ta shiga ko ɗaya daga cikin rukunan uku sai an zauna an yi ta a gida: in ta fito daidai, a rubuta "lokaci" a gefenta, in ba ta fito ba, ta tafi rukunin rashin sani. Amsar da aka cinka ta faɗa daidai ita ma wurinta ke nan, ko da malami ya ba ta cikakken maki.