Ƙarin Jijiyar Kunne

Ƙarin jijiyar kunne tsiro ne da ke fitowa a kan jijiyar da ke ɗaukar saƙon ji da na daidaiton jiki daga can cikin kunne zuwa ƙwaƙwalwa, wato jijiya ta 8 daga cikin jijiyoyi 12 da ke fitowa kai tsaye daga ƙwaƙwalwa. A takardar sakamakon hoto ana rubuta sunansa vestibular schwannoma ko acoustic neuroma. Ba sankara ba ne, kuma ba ya bazuwa zuwa wasu sassan jiki. Yana samuwa ne idan ƙwayoyin da ke lulluɓe jijiyar suka yi ta hayayyafa fiye da ƙima, kuma an fi gano shi tsakanin shekara 40 zuwa 60.

Matsalarsa tana daga wurin da yake zaune. Jijiyar tana ratsa wata siririyar kafa a cikin ƙashin kai, wadda tsawonta bai wuce kimanin santimita ɗaya ba, tare da jijiyar da ke motsa fuska. Ƙarin kan ƙaru da milimita 1 zuwa 2 a shekara, wasu ma sukan tsaya cak, amma a wuri mai ƙunci irin wannan ko ɗan ƙarami yana iya matse jijiyar ji. Idan ya leƙo daga kafar ya yi girma, sai ya taɓa jijiyar da ke sa a ji taɓi a fuska, daga baya ya danne tushen ƙwaƙwalwa, har ya iya tare hanyar ruwan ƙwaƙwalwa, wanda ke kawo ciwon kai mai tsanani da amai.

Kimanin tara cikin goma na masu shi suna fuskantar raguwar ji a kunne ɗaya, sau da yawa tare da ƙara ko ƙugi a wannan kunnen. Jiri mai tsanani bai cika zuwa ba, domin ƙwaƙwalwa tana sabawa da raunin a hankali. Abin da mutum kan lura da shi ɗan tangaɗi ne, musamman cikin duhu. Da yake babu zafi, babu ruwa ko mugunya, mutane kan ɗora abin a kan dattin kunne ko tsufa, su sayi maganin ɗigawa a kemis, alhali kuwa kurumtar tsufa kunnuwa biyu take kamawa kusan daidai.

A ɗauki misalin wani tela a Gombe mai shekara 50 wanda ya lura cewa idan ya kara waya a kunnen dama yana jin murya amma kalmomin suna cakuɗewa, har ya saba mayar da ita hagu. Likita ya leƙa kunnen da fitila ya ga dodon kunne lafiya lau, abin da ba ya kore komai, tunda fitilar ba ta wuce dodon kunne. Ya kaɗa ƙarfen gwaji ya ɗora masa a tsakiyar goshi, telan ya ce a hagu ya fi jin amon, alamar cewa matsalar dama ta can ciki ce ko ta jijiya, ba toshewa ba. A gwajin ji da na'ura, dama ta nuna rauni a sirararan sautuka, kuma daga kalmomi 25 da aka karanta masa ya maimaita 10 kawai daidai. Wannan gazawar rarrabe kalmomi, wadda ta fi raguwar jin sautin kansa muni, tana ƙara sa a zargi jijiya.

Duk da haka gwajin ji ba ya nuna dalili, shi ya sa ake neman hoton MRI, galibi da allurar wani sinadari mai sa ƙarin ya fito fili, wanda ke iya nuna tsiro mai milimita 2 kacal. Hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna shi, hoton CT kuma yakan tsallake ƙananan, don haka ana komawa gare shi ne ga wanda ba zai iya shiga na'urar MRI ba, kamar mai wasu nau'o'in na'urar bugun zuciya. Mafi yawan waɗanda aka tura hoton ba a samun ƙari a tare da su, amma hoton ne hanya mafi tabbaci ta ware 'yan kaɗan ɗin da ke da shi. A yankin Gombe da Bauchi ana fara bin lamarin ne ta sashen kunne, hanci da maƙogwaro na manyan asibitoci, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa da ke Bauchi da Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe.

A misalin telan, hoto ya nuna ƙari mai milimita 12 wanda bai taɓa tushen ƙwaƙwalwa ba, sai aka zaɓi sa ido: a sake hoto bayan wata shida, sannan duk shekara. Idan ya ci gaba da girma amma bai kai santimita 3 ba, ana iya gasa shi da hasken da ake saitawa a kan ƙarin kaɗai don ya daina ƙaruwa. Wanda ya wuce haka yawanci sai tiyata, kuma haɗarin shanyewar ɓarin fuska yana ƙaruwa da girman ƙarin. Jin da ya riga ya tafi ba ya cika dawowa ta kowace hanya. Idan kuwa aka sami ƙarin a kunnuwa biyu, musamman ga matashi, ana binciken wata cutar gado da ake kira NF2, a duba 'yan uwansa na jini ma.