Tarbar alhaji da abin da mai zuwa barka da sauka yake kaiwa

A ƙasar Hausa, idan mutum ya dawo daga aikin Hajji, dangi da maƙwabta sukan yi kwanaki suna zuwa yi masa barka da sauka. Kyautar da aka fi sani a wannan lokaci daga hannun alhajin take fitowa, wato tsaraba: dabino, bagaruwa, carbi, sallaya, hula, jallabiya da ruwan Zamzam. Abin da baƙo yake riƙowa ba shi da ƙa'ida a addini. Al'ada ce kawai, manufarta kuma rage wa gidan nauyi.

Shi ya sa abinci ya fi komai yawa. Gidan da ya saba ɗora tukunyar mutum goma sai ya wayi gari yana ciyar da duk wanda ya yi sallama, ga shi kuɗin kujera da guzuri sun riga sun cinye aljihun mai gida. 'Yan'uwa mata sukan aiko da kulolin tuwo da miyar kuka, ko waina, ko fura da nono, domin wanda ya yi wata guda ko fiye a Makka da Madina abincin gida yake marmari. Maza sun fi kawo shinkafa, ruwan roba, katan ɗin lemo ko kaji. 'Ya'ya da ƙannen da ke da hali kan haɗa kuɗi su sayi rago don walima. Wannan yana da asali, domin Bukhari ya ruwaito daga Jabir cewa Annabi (SAW) ya yanka raƙumi ko saniya da ya iso Madina daga tafiya.

Alhazai da yawa suna dawowa da tari, mura da dashewar murya saboda cunkoso da sanyin na'ura. Mai lura yakan kawo zuma, citta da lemon tsami. Lemon da ya sha ƙanƙara da turare mai hayaƙi kuwa tarin suke tayarwa.

Sallaya, carbi da dabino ba a kai su, tunda jakar alhaji cike take da su, sai dai idan ɗan'uwa na jiki ya sayo a kasuwar gida ya ba shi a ɓoye don ya cike giɓin rabo. Mutane da dama ma a kasuwannin Kano suke haɗa tsarabarsu saboda iyakar nauyin kaya a jirgi.

Zuwa da jarka neman Zamzam rashin sanin hali ne. Lita 5 ake ba kowane alhaji, kuma an hana sanya ruwan cikin jakar kaya, don haka kurɓi ɗaya a ɗan kofi shi ne rabon baƙo. Wanda ba shi da abin kaiwa yakan je hannu rabbana, babu mai ganin laifinsa. Zai ce "Alhaji, an sauka lafiya? Allah ya sa karɓaɓɓiya ce," ya roƙi addu'a, ya tashi da wuri domin masu jira a zaure su samu shiga.