Waiwaye: yadda amlodifin da maganin sa fitsari suka zama na farko ga baƙar fata mai hawan jini

Tun 2021, da likitocin ƙoda a Amurka suka cire launin fata daga lissafin da ake auna ƙarfin ƙoda da shi, muhawara ta koma kan maganin hawan jini. Wasu na cewa tsohon yayi ne a dubi fatar mutum kafin a rubuta masa magani. Wasu kuma na cewa bincike ne ya nuna haka, kuma watsi da shi zai jawo wa mutane shanyewar ɓarin jiki. Har yanzu ƙa'idar Birtaniya ta 2019 tana cewa ɗan asalin Afirka ko Karibiyan da ba shi da ciwon suga a fara masa da magani irin amlodifin, komai shekarunsa. Wanda ya tsinci zancen daga tsakiya zai ɗauka wani kwamiti ne ya zauna rana ɗaya ya raba mutane gida biyu, alhali kuwa maganar ta haura shekara hamsin ana tafe da ita.

Tushenta wani sinadari ne da ƙoda ke fitarwa, renin, wanda Robert Tigerstedt da ɗalibinsa Per Bergman suka gano a 1898. Idan ƙoda ta ji gishiri da ruwa sun yi ƙasa a jiki, sai ta saki renin, shi kuma ya tayar da wasu sinadarai masu matse hanyoyin jini da riƙe gishiri. Idan kuwa jiki ya cika da gishiri da ruwa, ƙoda sai ta rage shi. Saboda haka mutum biyu za su iya zuwa asibiti da awo iri ɗaya, amma abin da ke tura jinin kowannensu daban: ɗaya renin ne ya yi masa yawa, ɗaya kuma gishiri ne ya taru masa, renin ɗinsa na ƙasa. A shekarun 1960 Oscar Helmer a Amurka ya lura cewa irin na biyun ya fi yawa a cikin baƙaƙen fata. A 1968 aka buga rahoto daga Jamaika cewa furofaranolol, maganin da wani ɓangare na aikinsa rage renin ne, bai yi wa masu hawan jini na can wani abin kirki ba, kuma Y. K. Seedat ya ga irin wannan a Durban ta Afirka ta Kudu. Maganin sa fitsari na dangin tayazaid kuwa, wanda ya shigo tun ƙarshen shekarun 1950, yana aikinsa lafiya lau.

Wannan kowa ya sani. Abin da aka fi tsallakewa shi ne abin da ya faru a 1982, kuma a ganina nan ne gizo ke saƙar.

A lokacin kaftofiril sabon magani ne, shi ne na farko a dangin da lisinofiril ya fito daga ciki, masu toshe hanyar da renin ke bi. Asibitocin tsofaffin sojojin Amurka suka haɗa kai suka gwada shi a kan ɗaruruwan maza masu matsakaicin hawan jini, farare da baƙaƙe. An ba su kaftofiril shi kaɗai na mako bakwai. Sakamakon bai ba kowa mamaki ba, jinin fararen ya fi sauka. Daga nan sai aka ƙara wa mafi yawansu maganin sa fitsari a kan kaftofiril ɗin, aka sake jira mako bakwai. Da aka auna, bambancin ya ɓace. Masu binciken ba su ɓoye wannan a can cikin rahoto ba, a kanun takardarsu suka sa shi, cewa ƙara maganin sa fitsari yana kawar da bambancin da ake gani tsakanin jinsunan biyu.

Dalilin ba shi da wuyar ganewa. Maganin sa fitsari yana fitar da gishiri da ruwa. Da ƙoda ta ji sun ragu sai ta farka ta fara sakin renin don ta mayar da abin da aka rasa, kuma wannan farkawar ce ke rage wa maganin fitsarin ƙarfi idan shi kaɗai ake sha. To a nan kaftofiril yake samun abin yi. Da farko an ba shi gadin ƙofar da ba kowa ke bi ba, yanzu kuwa an koro masa jama'a ta nan. Ke nan jikin baƙar fata bai ƙi maganin ba, yanayin gishirin jikinsa ne a lokacin bai ba maganin wurin kamawa ba, kuma yanayi ne da ƙwaya ɗaya mai araha ke sauyawa. Rage gishiri a abinci ma yana yin irin wannan aikin.

Darasi biyu ke cikin binciken nan. Na farko, idan ƙwaya ɗaya tak za a ba baƙar fata, kada a fara da dangin kaftofiril. Na biyu, idan za a haɗa biyu, launin fata ya kusa fita daga lissafi. Na farkon ne ya shiga bakin mutane, domin a wancan zamani al'adar ita ce a fara da magani ɗaya a yi ta ƙara ƙarfinsa, sai ya gaza a kawo na biyu. Tambayar da kowa ke yi ita ce wanne za a fara da shi, don haka amsar wannan tambayar ce ta yaɗu. Abin yana damuna, domin mafi yawan masu hawan jini, fari ko baƙi, ƙarshenta sai sun sha magani biyu ko fiye kafin awonsu ya daidaita. Rabin da aka manta shi ne ya fi shafar rayuwarsu.

Wani zai ce, tun da renin ne asalin maganar, me ya hana a auna shi kawai? John Laragh na New York ya yi ta kiran haka tun farkon shekarun 1970. Sai dai gwajin yana da tsada da saurin ruɗewa: gishirin da mutum ya ci, magungunan da yake sha, har ko a kwance yake ko a tsaye lokacin ɗibar jinin, duk suna juya sakamakon. A 1993 wani binciken na asibitocin tsofaffin sojojin ya gwada magani shida a kan maza 1,292, aka ga diltiyazem, ɗan dangin masu toshe hanyar kalsiyam kamar amlodifin, ya fi yi wa baƙaƙe aiki. Irin waɗannan kai tsaye suke sassauta tsokar bangon jijiya, ba ruwansu da yawan renin. Da aka sake duba alƙaluman a 1998, sai aka ga shekaru da launin fata suna hasashen maganin da zai yi aiki ba ƙasa da yadda gwajin renin ke yi ba. Launin fata ya zama madadin gwaji, don kawai kyauta ake ganinsa.

Sai babban binciken ALLHAT na 2002 ya ƙara wa zancen nauyi. Mutum sama da 33,000 ne a babban kwatancen, kusan kashi 35 cikin ɗari baƙaƙe. A cikin baƙaƙen, waɗanda aka fara wa da lisinofiril sun fi waɗanda aka fara wa da maganin sa fitsari samun shanyewar ɓarin jiki da kusan kashi 40 cikin ɗari, kuma awonsu na sama ya fi da kusan maki 4. Kumburin leɓe da harshe da wannan dangin ke kawowa, wanda kan iya toshe numfashi, shi ma ya fi yawa a cikinsu. A kan wannan ƙa'idojin Birtaniya da na Amurka na 2014 da 2017 suka tsaya. A 2004 Ashwini Sehgal ya tattara binciken da aka yi ya nuna cewa kashi 81 zuwa 95 cikin ɗari na farare da baƙaƙe, jininsu na sauka iri ɗaya da magani iri ɗaya. Bambancin na gaske ne idan an ɗauki jama'a a dunƙule, amma ƙarami ne idan an gwada shi da bambancin da ke tsakanin mutum da mutum.

A Kano ko Maraɗi maganar tana da wata fuska, domin layin asibiti duk baƙaƙe ne, launi ba ya raba kowa da kowa. Mu ɗauki ɗan kasuwa mai shekara 52, awonsa 164/100, wanda ya karɓi lisinofiril miligiram 10 a kemis saboda shi ne ya yi wa abokinsa aiki. Miyar gidansa ba ta rabo da dunƙule da gishiri, da dare kuma ga tsire da yaji. Bayan wata guda awon ya tsaya wajen 156/96, ga busasshen tari yana hana shi barci. Likita zai iya mayar da shi kan amlodifin miligiram 5, ya sake aunawa bayan wata ɗaya. Idan bai sauka ƙasa da 140/90 ba, maimakon a yi ta jan ƙafa sai a ƙara masa losatan miligiram 50, wanda ke toshe hanyar renin ta wani wuri kuma ba kasafai yake sa tari ba. Idan aka ɗaga amlodifin zuwa 10, takalminsa na iya fara matse shi da yamma saboda kumburin idon sawu. Wannan kumburin daga buɗewar ƙananan jijiyoyi yake, maganin fitsari ba ya cika sauke shi, haɗawa da losatan ya fi rage shi. In kuwa tayazaid aka zaɓa, a riƙa duba fotasiyam da sodiyam na jini, musamman ga tsofaffi, da lokacin zafin bazara, da watan azumi.

Amma a ce gwajin fitsarin mutumin nan ya nuna furotin na zuba, to lissafi ya juya. Binciken AASK, da aka yi a kan baƙaƙen Amurka 1,094 waɗanda hawan jini ya taɓa wa ƙoda, ya nuna ramifiril, ɗan'uwan kaftofiril, ya fi amlodifin kare ƙodar masu zubar furotin. Hana irin wannan majiyyaci dangin maganin don kawai an haddace cewa “ba ya yi wa baƙi aiki” cutarwa ce. Mace mai ciki ko mai shirin ɗauka kuwa, ba lisinofiril ba losatan, duk suna illa ga ɗan tayi.

Kusan duk abin da na lissafa an yi shi ne a kan baƙaƙen Amurka, waɗanda abincinsu da rayuwarsu ba namu ba ne. Binciken Richard Cooper da abokan aikinsa na 1997 ya sami hawan jini a kashi 16 cikin ɗari na mutanen Afirka ta Yamma, 26 a Karibiyan, 33 a Amurka, alhali asalin ɗaya ne. Sai a 2019 aka sami babban gwajin haɗa magani biyu a kan 'yan Afirka a gida, wato CREOLE, wanda Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta: mutum 728 a ƙasashe shida, har da Najeriya da Kamaru, na tsawon wata shida. An gwada amlodifin da tayazaid, amlodifin da ferindofiril ɗan'uwan kaftofiril, sai ferindofiril da tayazaid. Duka ukun sun sauke jini, amma haɗi biyun da ke da amlodifin sun fi na ukun da kusan maki 3 a awon sama na yini da kwana. Haɗin da ya zo na ƙarshe shi ne irin wanda aka gwada a 1982, kuma haɗin amlodifin da ferindofiril, maganin da ake cewa ba na baƙi ba ne, ya yi kafaɗa da kafaɗa da na amlodifin da tayazaid.